Gilashi mai tudu biyu: ina kuskuren yake a lissafin f?

"Malamai, a taimaka. An ba mu gilashi mai tudu gaba da baya, fuska ɗaya R ɗinta santimita 20, ɗayar 30, n kuma 1.5. Na samu f = 120, littafi ya ce 24. Ina na kauce?"

Ɗalibi, lissafinka bai da laifi, alama ce ta kayar da kai. Shekaru na yi ina koyar da fizik a nan Sakkwato, kuma 120 ɗin nan na sha ganinta a takardun jarrabawa.

```
1/f = (n − 1)(1/R1 − 1/R2)
```

A nan f nisa ne daga gilashin zuwa inda haske ke dunƙulewa, n kuma adadi ne da ke nuna yadda gilashin ke lanƙwasa haske. Kowace fuska yanki ce ta ƙwallo, R kuwa nisa ne daga fuskar zuwa tsakiyar ƙwallon. Ka ɗauka haske na tahowa daga hagu. Idan tsakiyar ƙwallon tana dama, inda hasken zai fita, R na ɗaukar +. Idan tana hagu, sai −. Fuskar farko ta turo ciki wajen hasken, tsakiyarta na dama, don haka R1 = +20. Ta biyu ta tura nata cikin dama, tsakiyarta na hagu, R2 = −30. Nan ka zame, ka sa mata +30.

```
1/f = 0.5 × (1/20 + 1/30) = 0.5 × 5/60 = 1/24
```

Ga 24 ɗin littafi. Ka juya gilashin ma, R1 = +30, R2 = −20, amsar ba ta canzawa.

Ita 120 ɗinka amsa ce ta gaskiya, sai dai ta wani gilashin daban: mai tudu a gaba da kwarmi a baya, irin na tabarau. A can fuska ta biyu rage aikin ta farko take yi. A naka kuwa taimaka mata take, shi ya sa nake ce wa yarana su fara lissafa fuska ɗaya ita kaɗai, kamar bayan a shafe yake. Da 20 kawai, f zai zama 40. To yaya ƙarin tudu zai kai shi 120? Dole ya sauko ƙasa da 40.

In kana da gilashin a hannu, rana ba ta yi mana rowa a garin nan. Ka fita da hantsi, ka matsa shi sama da ƙasa har hasken ya dunƙule ya zama ɗigo a kan siminti, ka auna tazarar da rula. Kar ka yi a kan littafi, na taɓa ƙona rajistar aji haka, kuma kar ka leƙa rana ta cikinsa.

Idan awon ya ba ka 23 ko 25, kar ka damu. Lissafin ya ɗauka gilashin siriri ne kuma a cikin iska yake, sannan 1.5 ɗin kintace ne, gilashi da yawa nasu ya fi kusa da 1.52, wanda zai ba ka kusan 23.