Kiriyatin da rage ƙiba: sikeli ya tashi, mi ya faru?

"Salam ƴan uwa. Wata biyu ina rejim, na sauko daga kilo 84 zuwa 81. Na fara shan kiriyatin, garin nan da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfi, cikin kwana 10 sikeli ya nuna 82 da rabi alhali ban ƙara cin komi ba. Shin yana hana rage ƙiba ne, in daina?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kai wallahi da na karanta saida na ji wani iri, don ni ma na tsaya bisa sikeli da asuba kamar in yi kuka bayan na hana kaina masa da fanke da shayin dare. Kada ka daina tukun, amma kafin komi je ka ɗauko robar ka duba bayanta, zan gaya maka dalili.

Ni abinda ya same ni nan Yamai, wani koc ne a sal ɗin motsa jiki da nike zuwa da. Na ce mishi ina son in rage tumbi ba tare da ƙarfina ya tahi ba, ya ce ai kiriyatin za ka sha, yana da shi ma, ya kawo mini wani ƙaton leda an rubuta kiriyatin ɓaro ɓaro a gaba, jika 25 ya amsa. Ya ce ludayi biyu cikin madara kullum. Ina sha ina ganin wando na matse ni, na koma na gaya mishi, gaban mutane fa, sal cike da yara waɗanda na girme su, ya ɗaga murya wai Alhaji kai dai kana satar tuwo da dare, wai irin jikinku ba ya jin magana. Aka yi ta dariya, har wani yaro ya riƙa shafa cikinshi yana kwaikwayo na. Ranar ko ɗaga ƙarfen ban ida ba na hau moto na koma gida, maiɗakina na tambaya lahiya na kasa ce mata komi. Har yau in na wuce ta layin nan raina na ɓaci, kuɗina ya ci, mutuncina ya ci, kuma ya san sarai abinda ya saida mini tunda shi ke oda. Na bar shi da Allah. Ashe gena ce, garin ƙara jiki, kusan duk sukari da sitaci, kiriyatin ɗan kaɗan ne ciki. Wani ƙanen abokina da ke aiki farmasi ya karanta mini bayan ledar.

To ga yadda za ka gane naka. Kiriyatin zalla, wanda ake ce ma monohidirat, fari ne kamar garin gishiri, ba zaƙi, kuma awon shan sa giram 3 zuwa 5 ne a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi guda. In ka ga an ce ka ɗebi giram 100 ko fiye a sha guda, kuma yana ƙamshin cakulan, wannan ba shi ba ne, kuma shi kam zai sa maka kitse na gaske. In naka zalla ne to giram 5 ɗin nan ba wani kalori a ciki da za a lissafa.

Mu yi lissafi da naka kilo ɗin. Kilo guda na kitsen jiki wajen kalori 7,700 ne. Kilo ɗaya da rabi kenan ya haura 11,000. Don ka tara wannan a kwana goma sai ka riƙa cin rarar fiye da kalori 1,100 kowace rana bisa abinda jikinka ke ƙonawa, kai kuma ka ce kwanonka bai canza ba. To daga ina kitsen zai hito? Ruwa ne. Kusan kashi 95 cikin ɗari na kiriyatin ɗin jiki cikin tsoka yake zama, kuma in ya shiga yana jan ruwa ya shiga da shi cikin tsokar, ba ƙarƙashin fatar ciki ba. Kilo ɗaya zuwa biyu a farko abu ne da aka sani, kuma sau guda yake hawa ya tsaya, ba ya ci gaba kowane sati. Ina zargin ma an ce maka ka yi lodin farko, giram 20 a rana na kwana 5 zuwa 7, don shi ke sa sikeli ya yi tsalle da sauri haka, wasu ma har cikinsu ya ɓaci su yi ta zawo. Ba dole ba ne sam. Giram 3 zuwa 5 kullum zai cika tsoka cikin sati 3 zuwa 4, wuri guda za a je.

Ni da na koma na zalla sikeli ya ɗan hau shi ma, amma wannan karon bel ɗina na ƙara shiga rami na gaba, a nan hankalina ya kwanta. Shi ya sa nike ce maka ka sayi mita irin ta tela, ka auna cikinka daidai cibiya sau guda a sati, da safe bayan ka zaga kafin ka ci komi. Sikeli kuma ka hau kullum lokaci guda, ka rubuta, ƙarshen sati ka haɗa ka raba bakwai, wannan lambar ita za ka kwatanta da ta satin baya. Awon rana ɗaya ba ya faɗin komi, ka ci kilishi mai gishiri da dare ka ga safiya ta ƙara maka rabin kilo. Ka ɗauki 82 da rabi a matsayin sabon wurin tashi. In sati uku suka wuce daga nan cibiya ba ta motsa ba, matsakaicin ma bai sauka ba, to laifin na wajen abinci ne, kuma ni dai wajen fada na kama nawa ɓarawon, shayi na ɗaya na biyu na uku, kowane kofi sukari kamar ba gobe, ga bisap mai sanyi da rana. Giram guda na sukari kalori 4 ne, kuma ba wanda ke lissafa abinda ya sha.

Amfanin sa ga mai rejim ba ƙona kitse ba ne, duk wanda ya ce maka yana ƙonawa kasuwa yake ci da kai. Abinda yake yi shine lokacin da ka rage abinci ƙarfi na raguwa, ƙarfen da kake ɗagawa sau takwas sai ka ga shida ya gagara, shi kuma yana taimaka ka riƙe wannan ɗagawar, tsoka ta samu dalilin zama, abinda ke zubewa ya zamo yawanci kitse. In ba ka taɓa ƙarfe sai tahiya da gudu kawai, gaskiya ribar kaɗan ce, gara ka sa kuɗin a ƙwai da wake da kifi.

Ruwa fa ka sha, musamman in zahin Afirilu ya shigo, ka duba fitsarinka in ya yi duhu ka ƙara. Kada ka bi masu cewa a rage ruwa don sikeli ya sauka, ko masu sa leda su yi gudu da rana, na ga wani ya faɗi a haka. Da azumi ni bayan buɗa baki nike sha, lokaci ba shi da wani muhimmanci, kullum ɗin ce ke aiki. In kana da matsalar ƙoda, ko hawan jini da ciwon sukari da suka daɗe, ka ga likita kafin ka ci gaba. Kuma in za a yi maka awon jini ka faɗa mishi kana sha, don yana iya ɗaga lambar kiriyatinin da suke duba ƙoda da ita, kada a tada maka hankali a banza.

In kuma ka ce kai lambar sikeli na hana ka barci, ka daina ba komi, cikin sati 4 zuwa 6 ruwan zai sauka da kanshi, amma kitsen da ke cikinka yana nan yadda yake ko digo bai ragu ba don ka daina. Turo muna hoton bayan robar mu gani, wurin da aka rubuta awon sha guda da abubuwan da ke ciki.