Auna tasirin fassarar ƙasan bidiyo ga 'yan ƙasar waje

“Na sa wa bidiyoyina fassarar Larabci, Faransanci da Turanci a YouTube saboda 'yan uwa mazauna Saudiyya da Turai. Ta yaya zan gane ko ta yi amfani?”

Malam, kada ka dogara da jimillar mintunan kallo, domin tana iya ƙaruwa ko da fassarar ba ta taɓuka komai ba. Shiga YouTube Studio, ka buɗe Analytics, sannan Advanced mode. Tace da Geography ka ware Saudiyya ita kaɗai, ka duba Subtitles and CC. Nan za ka ga kallo nawa aka yi da Larabci a kunne, nawa kuma ba fassara.

Amma akwai tarko. Wanda ya kunna fassara galibi dama mai sha'awar bidiyon ne, don haka daɗewarsa ba hujja ba ce. Abin da ya fi shi ne ka ware bidiyoyi goma masu tsawo da jigo iri ɗaya, ka sa wa biyar Larabci, ka bar biyar haka nan. Bayan kwana 28 ka kwatanta matsakaicin lokacin kallo daga Saudiyya. A ce bidiyon minti 10 ne, masu fassara sun samu minti 4, marasa ita minti 3: ƙarin kashi ɗaya bisa uku ke nan. In masu kallon ba su wuce 'yan gommai ba, kada ka yanke hukunci tukuna.

Kauce wa lokacin aikin Hajji. Alhazanmu da ke kallo daga Makka, a cikin masu kallon Saudiyya za a lissafa su, alhali Hausar suke ji kai tsaye.

Game da isa ga sababbin mutane kuwa, ka fassara taken bidiyon da bayaninsa ma, sannan ka lura da Impressions, wato sau nawa YouTube ya nuna wa mutane hoton bidiyon, don Balarabe ba zai danna taken da bai iya karantawa ba.