Lissafin kayan sito: matsakaicin farashi ko fara cire na farko?

"Na sayi buhun shinkafa 10 a kan ₦60,000 kowanne, na ƙaro 10 a kan ₦70,000, na sayar da 12 a kan ₦80,000. Nawa ce ribata?"

Malam, cinikinka ₦960,000 ne. In ka fara cire kayan farko, kuɗin sayensu 10 × 60,000 da 2 × 70,000, wato ₦740,000, riba ₦220,000. In kuwa matsakaicin farashi ka bi, buhu ya koma ₦65,000, goma sha biyu ₦780,000, riba ₦180,000.

Bambancin ₦40,000 bai ɓace ba, yana cikin buhu 8 da suka rage: ₦560,000 a lissafin farko, ₦520,000 a na biyu. Ni na fi son matsakaicin farashi a lokacin tsada, domin riba mai kumburi kan ruɗi mutum ya ci jarinsa. Amma duk sanda sabon kaya ya shigo, sake fitar da matsakaicin.