Imel ɗin neman komawa sashen sola

"Oga barka da dare. An sanar ana neman mutum ɗaya a sashen sola, ni kuma shekara uku kenan ina sabis ɗin janareta. Ina so in tura imel amma ina tsoron kar sufabaiza ya ji haushi, ya zan yi dan Allah?"

Yauwa barka dai. Kafin ka rubuta komai ka fara samun sufabaizanka baki da baki, ka bari sai an tashi aiki ba lokacin da inji ke buɗe a gabansa ba. Dalili kuwa, da imel ɗinka ya shiga ofishin ma'aikata shi za su fara kira su ji yaya aikinka yake, to in a bakinsu ya fara jin labari wallahi ko yana sonka sai ya ji ka tsallake shi, kuma "har yanzu da saura" kaɗai ya ce maganar ta mutu. Na ga an yi wa wani yarona haka, ga shi hannunsa na da kyau, sai da ya ƙara shekara a wurin.

In ya amince ka tura da imel ɗin kamfani, wanda aka ambata a sanarwar ka sa shi a To, sufabaiza a Cc. A Subject ka sa sunan gurbin yadda aka rubuta shi, da lambarka ta aiki:

```
Application for Transfer to Solar Unit, Staff No. 0000
```

Cikin wasiƙar kar ka tsaya ba su tarihinka, fayil ɗinka na hannunsu. Layin farko ka faɗi sashen da kake, shekara nawa, da gurbin da kake nema. Sai aikin da ka yi wanda ya shafi sola, kuma wanda in sun buɗe katin aiki za su gani. "Ina da ƙwazo" kowa ma haka yake rubutawa. Ce musu za ka yi, kai ka haɗa canji-oba na janareta mai 60 kVA a wuri kaza wata kaza, ka bi masu sola aiki sau huɗu, ka iya jera batir huɗu na 12V su ba da 48V, ka san gwada su da mita. Abin da ba ka taɓa yi da hannunka ba kar ka sa, ranar intabiyu wayar wuta za su miƙa maka.

Maganar na gaji da warin dizal ko albashi ba ya isa, ko sukar wani a sashenku, bar ta gaba ɗaya, imel ɗin nan sai ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu kuma ajiye shi ake yi.

Sai abin da yara ke mantawa, wa zai riƙe wurinka? Nan ne damuwar sufabaiza take. Ka rubuta cewa za ka ƙarasa sabis ɗin da ke hannunka, ka ɗauki sati biyu kana nuna wa na ƙasa da kai kwastomominka. Ka liƙa CV da satifiket ɗin Trade Test a PDF, ka tura kafin ranar rufewa. In sati ɗaya ya wuce da rufewa shiru, tuni ɗaya ya isa. Rubuta ka turo min in duba kafin ka danna Send.