Sikelin da ya ƙi motsi: gejin miƙewa, gadar Wheatstone da amfilifayar awo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a kwalejin fasaha, ina haɗa sikelin dijital. Na sayi lod-sel, wato sandar alminiyam ɗin da ke jin nauyi a cikin sikeli, mai ɗaukar kilo 5, mai wayoyi huɗu: ja, baƙa, koriya da fara. Na ba ja da baƙa wutar bolt 5, na kai koriya A0 na Arduino Uno, amma lambar tana tsaye kusa da 512 ko me na ɗora. Na gwada ƙara ƙarfin da amfilifayar LM358, sai lambar ta koma tsalle-tsalle. Ta lalace ne, ko ni ne ban gane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka jefar da ita. Wannan 512 ɗin ma alama ce mai kyau, domin rabin matakai 1024 da Arduino ke raba bolt 5 ke nan, wato bolt 2.5, kuma abin da lafiyayyar lod-sel ya kamata ta nuna ke nan a kan waya ɗaya. Nauyin da kake nema yana nan, ya yi ƙanƙanta ne ƙwarai, har Arduino ba ya ganinsa.

Ɗauko sandar alminiyam ɗin ka dube ta da kyau. Za ka ga an huda tsakiyarta, an kuma shafa wani farin danƙo sama da ƙasa daidai wurin hudar. Kada ka kankare danƙon nan. A ƙarƙashinsa akwai 'yan falle-falle huɗu, kowanne bai kai farcen yatsa ba, kuma a jikin kowanne an shimfiɗa siririn ƙarfe yana kai-da-komo kamar kunyoyin gona. Su ne gejin miƙewa. An manne su gam da sandar, duk abin da ya same ta ya same su. Idan ka ɗora kaya sandar tana ɗan lanƙwasawa, ba yadda ido zai gani ba, sai wani wuri ya miƙe, wani ya takure. Ƙarfen da ya miƙe tsayinsa ya ƙaru, kaurinsa ya ragu, don haka turjiyarsa ga wuta ta ƙaru. Wanda ya takure kuwa tasa ta ragu. Tun 1856 Lord Kelvin ya lura da wannan hali na waya, amma sai a 1938 Edward Simmons da Arthur Ruge, kowa da nasa binciken a Amurka, suka fito da gejin da ake mannawa a jikin abu.

To nawa ne canjin? Ga lissafin:

```
ΔR / R = GF × ε
```

A nan R ita ce asalin turjiyar gejin, ΔR canjin da ta yi, ε shi ne yawan miƙewar idan aka gwada da asalin tsayin, GF kuma lambar gejin ce, wadda a irin waɗannan na ƙarfe take kusan 2. Mu ƙaddara taka irin ta kasuwa ce, kowane geji om 1000, kuma takardarta ta ce 1 mV/V. Idan ka ɗora cikakken kilo 5, miƙewar ba ta wuce 0.0005 ba, wato tsayin mita ɗaya ya ƙaru da rabin milimita. Ka ninka da 2, ka sami kashi ɗaya cikin dubu. Om 1000 ya koma 1001. Iyakar abin ke nan, a nauyi mafi girma. Giram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu biyar na wannan om ɗayan. Neman wannan da mitar hannu kamar a ɗora buhun gero a sikelin kasuwa ne a ce ka gane an ƙara ƙwaya guda.

Dabarar gada ita ce a daina auna buhun, a auna bambancin kawai. Samuel Christie ne ya fara ƙirƙiro ta a 1833, Charles Wheatstone ya yaɗa ta a 1843, sunan ya bi shi. Ana jera gejin huɗu gida biyu. Kowane gida geji biyu ne a jere tsakanin bolt 5 da ƙasa, ana kuma ciro waya daga tsakiyarsu. Koriya da fara su ne waɗannan tsakiyoyi biyu. Idan babu kaya, duka huɗun daidai suke, kowace tsakiya tana kan bolt 2.5, bambanci sifili. Da ka ɗora kilo 5, a gida ɗaya na sama ya koma 999, na ƙasa 1001, tsakiyar ta hau zuwa 2.5025. A ɗaya gidan an juya su, tsakiyar ta sauka zuwa 2.4975. Bambancin ya zama milibolt 5. Ma'anar 1 mV/V ke nan: milibolt ɗaya a kan kowane bolt da ka ciyar da gadar. Ka raba milibolt 5 gida dubu biyar, za ka ga giram ɗaya maikirobolt ɗaya ne cak.

Yanzu ka ga abin da ya faru da kai. Arduino Uno yana raba bolt 5 zuwa matakai 1024, kowane mataki kusan milibolt 4.9. Koriyar da ka haɗa ita kaɗai, duk tafiyarta milibolt 2.5 ce, rabin mataki. Ina lamba za ta motsa?

Gadar tana da wani amfani da ni a wurina ya fi na farkon ma, musamman a ƙasa irin tamu. Alminiyam yana buɗewa da zafi, kusan kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri ɗaya. Cikakken nauyinka kashi 500 ne cikin miliyan. Da geji ɗaya kake amfani da shi, wanda ba a daidaita shi da alminiyam ba, bambancin sanyin asubahin hunturu da zafin azahar zai iya ba ka canjin da ya kusa kai na kilo 5 ɗin, alhali ko tsinke ba ka ɗora ba. A gada kuwa zafi yana taɓa duka huɗun lokaci guda, su ƙaru tare, tsakiyoyin biyu su tsaya inda suke. Nauyi ne kaɗai yake tura biyu sama, biyu ƙasa.

Sai batun ƙara ƙarfi, inda LM358 ta ba ka kunya. Aikin da ake nema a nan mai wuya ne: a tsamo maikirobolt ɗaya da ke zaune a kan bolt 2.5, a ninka shi, a watsar da 2.5 ɗin gaba ɗaya. LM358 tana da nata kuskuren na haihuwa a bakin shigarta, yawanci milibolt 2, yana iya kaiwa 7, kuma yana canzawa da zafi. A sikelinka milibolt 2 kilo biyu ne. Sannan idan ka haɗa ta da rasista huɗu don ta ɗebe wannan waya daga waccan, ingancin ɗebewar ya dogara ne ga yadda rasistocin suka yi daidai da juna. Da rasista masu kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari da ninki 100, a mafi munin hali, kusan kashi ɗaya cikin 2500 na duk abin da wayoyin biyu suka yi tarayya a kai zai sulale ya shige kamar nauyi ne. A ce cajar waya kake ciyar da gadar da ita, wutar ta yi ƙasa da bolt 0.1. Wayoyin biyu sun sauka tare da milibolt 50. Raba da 2500, ka sami maikirobolt 20. Giram ashirin sun fito daga caja. Ƙari a kan haka, rasistocin shigar suna zuƙar wuta daga gadar, su karkatar da ita.

Amfilifayar awo an yi ta ne don wannan matsala takamaimai. A cikinta ƙananan amfilifaya uku ne. Biyu suna gaba, kowace tana karɓar waya ɗaya, kuma kusan ba sa jan komai daga gadar, leƙe kawai suke yi. Tsakaninsu akwai rasista ɗaya da kai za ka saka. Idan wayoyin biyu suka hau tare, ƙarshen rasistar biyu sun hau tare, wuta ba ta bi ta cikinta ba, don haka ba a ninka komai. Idan kuwa bambanci ne, wuta ta bi, a ninka shi. Ta ukun sai ta yi ɗebewar, da rasistocin da aka daidaita tun a masana'anta a cikin cif ɗin. A babban ninki irin wannan tana danne abin tarayya fiye da sau dubu ɗari, milibolt 50 ɗin nan ya koma ƙasa da rabin maikirobolt. Haka take yi wa gurnanin wutar gida mai zagaye 50 a daƙiƙa da dogayen wayoyi ke kwasowa, muddin ya faɗa wa wayoyin biyu daidai. Shi ya sa ake murɗe koriya da fara tare.

AD620 sananniya ce a wannan aiki, kuma ga yadda ake zaɓar ninkinta:

```
G = 1 + 49400 / RG
```

G shi ne ninkin, RG kuma rasistar nan da kai za ka saka. Da RG om 100 ninkin 495 ne, milibolt 5 ya zama kusan bolt 2.5. Ka ba ta wuta mai gefe biyu, misali batir biyu na bolt 9, domin a bolt 5 kaɗai takurewa take yi, fitarta ba ta kaiwa ƙasa sosai ba ta kaiwa sama. Don darasi a aji tana da kyau, za ka ga komai da mitarka. Amma ka lura, bolt 2.5 matakai 500 ne kawai a Arduino, kowane mataki giram 10.

Don sikelin da za a yi amfani da shi, ni HX711 zan ce ka saya. Ƙaramin allo ne mai araha, a ciki akwai amfilifaya mai karɓar bambancin wayoyi biyu da ninki 128, da mai juya wuta zuwa lamba na bit 24. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne, wutar da take ciyar da gadar ita ce kuma ma'auninta, idan ta ɗan sauka su sauka tare, lambar ba ta canza ba. Yawanci ja ta tafi E+, baƙa E-, koriya A+, fara A-. Sai dai masu ƙera su ba su bi launi ɗaya ba, don haka ka tabbatar da mita. Tsakanin ja da baƙa za ka ga kusan om 1000, tsakanin koriya da fara ma haka, amma tsakanin ja da koriya kusan 750. Idan wata ta nuna a buɗe, waya ce ta tsinke, idan kuwa ka ga kusan 2000 maimakon 1000, geji ɗaya ne ya tsinke, nan ne za a ce ta lalace. Idan lamba tana raguwa yayin da kake ƙara kaya, musanya koriya da fara.

Ɗauri ma yana kayar da mutane da yawa. Ƙarshe ɗaya a ɗaure da gindin sikelin, ɗayan da faifan, a saka 'yar tazara sama da ƙasa don tsakiyar ta kasance a sarari. Na taɓa ganin wanda ya kwantar da sandar gaba ɗaya a kan katako ya ɗaure, ya kwana yana zargin lambobin shirinsa, alhali sandar ce ba ta da wurin lanƙwasawa.

Wajen saiti, kunna ka bar shi 'yan mintoci ya ɗumama, ka rubuta lambar da yake bayarwa babu kaya. Ɗora kwalba babu komai ka mai da shi sifili, sannan ka zuba ruwa lita ɗaya cif, wanda nauyinsa kusan kilo ɗaya ne. Bambancin lambar kwalba babu komai da ta kwalba da ruwa ka raba shi da 1000, ka sami lambar giram ɗaya. Kada ka dogara da ledar ruwan sha, ba kowace ce take cika rabin lita ba. Idan ka bar kaya a kai ka ga lamba tana ɗan jan ciki a hankali, halin ƙarfen da gam ɗin ne, kaɗan ba laifi ba ne. Idan kuwa ka sauke kaya ta ƙi komawa kusa da sifili, ko dai wani abu yana taɓa faifan, ko an taɓa ɗora wa sandar abin da ya fi ƙarfinta ta lanƙwashe har abada. Ka liƙa wayoyin da darma maimakon cusa su a allon gwaji, domin a matakin maikirobolt ko ɗan sassaucin haɗi sai ya fito a matsayin giram.