Man shanu ɗanye, tatacce da soyayye: amsoshin likita

Likita, mene ne bambancin ɗanyen man shanu da soyayye? Na ji kuma akwai wani na uku. (Daga Zariya)

Mai ɗaya ne, wuta ce ta raba su. Ɗanyen man shanu, irin bota ta kanti, kusan kashi 80 cikin 100 kitse ne, kashi 16 zuwa 18 ruwa, ragowar kashi 1 zuwa 2 ɓurɓushin madara, wato furotin da sukarinta. Wanda ake saye a ƙwarya yakan fi haka ruwa, tunda da hannu ake cura shi. Idan kika narka shi a wuta kaɗan, kika kwashe kumfa, kika tsiyaye man kafin ɓurɓushin ya yi ja, kin sami tatacce, irin na masu girkin Turai. Idan kuma kika bar shi har ƙarar tafasa ta tsaya, ɓurɓushin ya kwanta ya yi ja, ƙamshi ya tashi, sannan kika tace, wannan ne soyayye, wanda mutanen Indiya ke kira gi. Ruwansa bai kai kashi 1 ba. Shi ya sa kilo ɗaya na ɗanye ba ya ba ki fiye da giram 800, sau da yawa ma ƙasa da haka. Ba cutarki aka yi ba, ruwa ne ya tafi.

Me ya sa bota ke baƙi da hayaƙi in na soya ƙwai? (Daga Maraɗi)

Ɓurɓushin madarar ne ke ƙonewa, tun daga wajen digiri 150 zuwa 175 na Salshiyos. Tatacce da soyayye suna jurewa har wajen 230 zuwa 250. Kowanne dai ya yi hayaƙi ya yi ɗaci, a zubar.

Ina da hawan jini. An ce suya tana kashe kitsen man shanu. (Daga Gusau)

Malam, ruwa take kora, kitsen yana nan daram. Cokalin soyayye ma ya fi na ɗanye kitse. Ka rage, ka ci gaba da shan maganinka, ka riƙa zuwa awo.

Jaririna kwanansa huɗu. Surukata tana shafa masa ɗanyen man shanu a cibiya don ta faɗi da wuri, tana kuma ɗiga masa a hanci saboda mura. In na soya man zai fi? (Daga Haɗejiya)

Baiwar Allah, a daina yau ɗin nan, da ɗanyen da soyayyen. Na san da ƙauna Hajiya take yi, amma wannan al'ada tana ci mini rai, domin jariran da al'adar take kawowa asibiti sukan zo a makare.

Ƙwayoyin cuta ruwa da abinci suke nema, ɗanyen man shanu kuwa yana da duka biyun. Galibi daga nonon da ba a tafasa ba aka kaɗa shi, ya bi hannu da ƙwarya da ƙurar kasuwa. Cibiyar sabon jariri kuma rauni ce a buɗe, kusa da jijiyoyin jini. Ana so ta bushe, mai yana hana ta.

Suya tana rage haɗari guda, tunda zafi na kashe yawancin ƙwayoyin, ruwan kuma ya fita. Amma da zarar yatsa ko jiƙaƙƙen cokali ya shiga kwalbar, an koma gidan jiya. Ƙwayar tetanus kuma, cutar da ke ƙage haɓa ta sandarar da jiki, tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana son wurin da iska ba ta shiga, irin raunin da aka toshe da mai. Ki je asibiti a ba ki maganin cibiya, kuloheksidin, ki wanke hannu kafin ki shafa.

Na hanci ya fi tayar mini da hankali. Mai yana silalewa ya shiga huhu, sau da yawa jariri bai ko yi tari ba, ya kwanta a can ya haddasa ciwon huhu mai wuyar magani. A nan babu ruwan suya ko tacewa, domin kitsen kansa ne matsalar.

Idan kika ga cibiyar ta yi ja, tana ruwa ko wari, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ya ƙi kama nono, ko haɓarsa ta ƙage, ko numfashinsa na sauri, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ko ba ki ga komai ba, tunda an riga an ɗiga masa, ki kai shi a duba gobe da safe. Ki roƙi maigida ya yi wa Hajiya bayani da kansa, ko ku zo tare da ita.