Sun sauya suna a ƙofar kamfani, wa zai biya bashin mahaifinmu?

Barista, Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. A watan Maris na 2022 ya kai wa wani kamfanin matsar mai a Sharaɗa waken suya tan 20 a kan naira miliyan 8 da dubu 400. Sun biya miliyan 2 a ƙarshen shekarar, sai Allah ya yi masa rasuwa a 2023. Da muka je neman ragowar, muka tarar an sauke allon ƙofa an kafa wani da sabon suna. Manajan shi ne dai na da, injinan su ne, har maigadin bai canza ba. Da muka matsa, sun turo dubu 500 sau ɗaya, daga baya manajan ya ce su sabon kamfani ne, ba su san da wani bashi ba. Yayana ya ce mu maka su a kotu kawai tunda kowa ya san su ne. Mene ne shawararka?

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ban ga takardunku ba, don haka duk abin da zan faɗa a kan abin da ka rubuta ne, kuma takarda ɗaya tana iya juya shi. Amma maganar yayanka ta "kowa ya san su ne" ita ce zan fara taɓawa, domin a kanta mutane da yawa suke asarar kuɗin lauya.

A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da gininsa, daban da injinansa, daban ma da masu shi. Bashin mahaifinku yana wuyan wannan mutumin da aka yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Ba ya wuyan filin Sharaɗa, ba ya wuyan manaja, balle maigadi. Abin da ake gane kamfani da shi kuwa lambar rajistarsa ce, wadda ke farawa da RC. Suna riga ne, ana tuɓewa a sa wata. Lambar ba ta canzawa tun daga ranar rajista har ranar da aka rushe kamfanin. Saboda haka tambayar da ke gabanku ɗaya ce: lambar da ke ƙarƙashin sabon suna ita ce ta tsohon, ko wata ce daban?

Idan ita ce, manajan wasa yake muku da hankali. Dokar kamfanoni ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa canjin suna ba ya taɓa haƙƙi ko nauyin da ke kan kamfani, kuma ƙarar da za a iya shigarwa da tsohon suna ana iya shigar da ita da sabon. Haka ma idan wasu ne suka sayi hannun jarin kamfanin suka zama sababbin masu shi. Wanda ya sayi saniya da ƙahonta ya saya. Ka tuna layin wayar da ya shigo a 2001 da sunan Econet, ya koma Vmobile, ya koma Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Masu hannun jari sun yi ta canzawa, fenti ya yi ta canzawa, amma kamfanin da ke ƙasa ɗaya ne. Idan kuma haɗewa aka yi, irin wadda ta sa Bankin Arewa da wasu bankuna takwas suka zama Unity a farkon 2006, to galibi kotu ce ke amincewa da tsarin haɗewar, kuma umarnin Babbar Kotun Tarayya yakan mayar da kadarori da basussuka gaba ɗaya kan kamfanin da ya tsira. Na ce galibi, domin sai an karanta umarnin kansa.

Inda nake jin tsoro shi ne ɗaya hanyar, kuma a masana'antun Kano ba baƙuwa ba ce. Kamfani ya ci bashin banki, ya jinginar da fili da injina, ya kasa biya. Banki ya naɗa wanda zai karɓi kadarorin ya sayar. Wani kamfani daban, mai tasa lambar, ya saya, ya kuma ɗauki tsofaffin ma'aikata saboda su suka san injinan. A nan mai saye kaya ya saya, bai sayi bashi ba, sai fa idan ya amince da ɗaukarsa a rubuce cikin yarjejeniyar cinikin. Bashinku yana nan a wuyan tsohon kamfanin, wanda wataƙila ba abin da ya rage masa sai suna a rajista. Irin wannan rabuwar ce aka yi da wutar lantarki: da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, ofisoshin NEPA da ma'aikatanta da yawa sun koma ƙarƙashin sababbin kamfanoni, amma tsofaffin basussukan PHCN, kamfanin da ya gaji NEPA, an ware su an miƙa wa wani kamfanin gwamnati daban, NELMCO. Wanda ya je ofishin da ya saba zuwa da tsohuwar takardar bashi, daidai ginin ya je, amma ba wurin mai biya ba. Zaman manaja da maigadi, wanda kuke ɗauka hujja, ya dace da duk waɗannan hanyoyin. Bai raba gardama ba.

Binciken kansa ba wani abin wahala ba ne. Ku kwaso duk takardun marigayi: takardar odar kaya, rasit, takardar awo ta ƙofar kamfani, duk wata wasiƙa mai tambarinsu. Doka ta wajabta wa kamfani sanya sunansa da lambar rajistarsa a kan wasiƙunsa, ko da yake ba kowa ke bi ba. Ku duba ƙasan tambari ko gindin shafi. Sai ku nemi lambar sabon sunan, ku saka duka biyun a shafin binciken CAC, wanda kyauta ne. Ku lura da harafin farko. Idan tsohuwar lambar da BN ta fara, to ba kamfani ba ne, sunan kasuwanci ne kawai, kuma mai shi ne da kansa ake bi bashin har cikin aljihunsa. Wannan zai sauya lissafin gaba ɗaya, wataƙila ma ya fi muku. Ku kuma karanta sunan kalma bayan kalma. Na sha ganin kamfanoni biyu na mutum ɗaya da bambancinsu bai wuce kalma ɗaya ba, ɗaya ya ƙare da "Nigeria Limited", ɗaya da "Industries Limited", ɗaya yana cin bashi ɗaya yana riƙe kadara.

Binciken kyauta iyakarsa ya nuna muku suna da lamba da ranar rajista da ko kamfanin yana kan aiki. Ranar rajistar ma kaɗai tana magana: kamfanin da aka yi wa rajista a 2023 ba zai zama wanda ya karɓi wake a 2022 ba, kamfanin da ke cewa shi sabo ne alhali rajistarsa ta 1998 ce kuwa yana da bayanin da zai yi. Amma abin da kotu za ta karɓa shi ne kwafin da CAC ta buga wa hatimi, kuma wannan sai an biya. Lauyanku ya nemi rahoton matsayin kamfanonin biyu, da satifiket na canjin suna idan akwai, da jerin daraktoci da masu hannun jari, da rajistar jingina, da sanarwar naɗa mai karɓar kadarori. Idan abin bai fito fili ba, a leƙa rajistar filaye ta jihar Kano. Filin masana'anta ba ya komawa hannun wani kamfani sai da takardar miƙa mallaka da amincewar gwamna. In an ga an miƙa filin daga wannan suna zuwa wancan, alama ce mai ƙarfi cewa mutum biyu ne, domin ba wanda ke sayar wa kansa fili.

Dubu 500 ɗin nan da ka ambata a taƙaice ta fi komai jan hankalina a wasiƙarka. Ku je banki ku karɓo bayanin asusu, ku ga sunan asusun da ya turo ta, ku gwada da wanda ya turo miliyan 2 ta farko. Idan asusu ɗaya ne, da wuya a ce kamfani biyu ne. Idan daga asusun sabon sunan ta fito, to dole su bayyana dalilin da ya sa suka biya bashin da ba su sani ba. Kada dai ku ɗauka wannan ya gama shari'a. Za su iya cewa taimako ne ga iyalan tsohon abokin ciniki, kuma biya sau ɗaya ba lallai ya zama ɗaukar nauyin miliyan 5 da dubu 900 da suka rage ba. Amma a teburin sulhu makami ne mai kyau.

Abu biyu kuma yayanka bai lissafa ba. Bashin ciniki yana da wa'adin shigar da ƙara, shekara biyar a dokar wasu jihohi, shida a wasu, kuma daga 2022 aka fara ƙirga muku. Biyan wani ɓangare ko amincewa da bashin a rubuce yana iya sabunta ƙirgen, amma idan wanda ake bi ne ya yi, ba wani kamfani daban ba. Ka ga ko a nan sai an koma kan tambayar lamba. Sannan bashin yanzu dukiyar gado ce, kuma abu na farko da lauyansu zai tambaya shi ne wa ya ba ka ikon karɓa a madadin magada. Ku tanadi takardar kotu da ta ba ɗayanku wannan ikon tun kafin a tambaya. In kuka garzaya kotu da sunan da ba shi ba, ana iya shafe shekara biyu ana jayayya a kan suna kawai, a kori ƙarar, wa'adi kuma yana ci.

Idan bincike ya nuna masu tsohon kamfanin su ne masu sabon, kuma sun kwashe kadarori a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba don su guje wa masu bin bashi, doka tana da hanyar kama daraktoci da kansu. Sai dai tabbatar da zamba aiki ne mai tsawo da tsada, ba na kuma saurin tura magada cikinsa a kan wannan adadin.

Da ni ne, bayan takardun CAC sun zo hannu zan sa a rubuta wasiƙar neman biya zuwa adireshin rajista na kamfanin, ba hannun manaja ba, wanda ga dukkan alamu ya fi son a ci gaba da magana da baki. A haɗa kwafin takardun, a ba su kwana 14, a gayyace su zauren sulhu na Babbar Kotun Jihar Kano, ko a sa shugabannin kasuwarku su shiga tsakani, tunda kamfanin matsar mai ba zai so ya ɓata da Dawanau ba. In sun nemi biya kashi-kashi, ko ma rangwame kaɗan, ku duba da idon basira bayan kun ji ta bakin sauran magada. Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta ba: a rubuta yarjejeniyar da cikakken sunan kamfanin da lambarsa ta RC, darakta ya sa hannu, in da hali kuma ya tsaya lamuni da kansa.